Sharhi a Kan Dabarar Rage Matakan Misali Wajen Koyar da Warware Jumlar Daidaito a Ƙananan Sakandaren Azare da Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manhajar ilimi ta shekara tara da Hukumar Nazari da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta fitar, wadda aka fara aiki da ita a shekarar 2008 aka kuma yi bitarta a 2012, ta sanya warware sassauƙar jumlar daidaito tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Abin da ake nufi da jumlar daidaito shi ne jumlar lissafi mai ɓangare biyu da alamar = a tsakaninsu, wadda a cikinta akwai wani ɓoyayyen adadi da ake wakilta da harafi, kamar 3x + 4 = 19. Ana kiran ta sassauƙa idan ba a ninka ɓoyayyen adadin da kansa ba. Duk aljabarar da yaro zai yi daga baya a kan wannan darasi take tsaye, don haka wanda ya fita daga aji ɗaya bai gane shi ba yakan ɗauki gurguntakar har zuwa jarrabawar kammala sakandare.

Wannan maƙala ta duba wata dabara da masana ilimin koyarwa suka daɗe suna yabawa, wato a ba ɗalibi misalin da aka warware gaba ɗaya, sannan a riƙa rage matakan warwarar ɗaya bayan ɗaya har ya iya yin aikin shi kaɗai. An auna dabarar da yanayin makarantun garin Azare da sauran ƙasar Katagum a Jihar Bauchi, inda allo da alli su ne manyan kayan aikin malami, kuma Hausa ce harshen da mafi yawan yara suke tunani da shi. Matsayin maƙalar shi ne dabarar tana da inganci, kuma ta cancanci shiga jagoran malami, amma idan aka shigar da ita yadda aka saba bayyana ta, za ta iya haifar da ɗalibai masu cike gurbi daidai ba tare da sanin dalili ba.

2.0 Asalin Dabarar da Hujjarta

A shekarar 1985, John Sweller da Graham Cooper sun yi gwaji a ƙasar Ostireliya a kan koyon aljabara. Sun gano cewa ɗaliban da aka ba misalai warwararru su nazarta, kowane misali yana biye da tambaya mai kama da shi, sun ɓata lokaci kaɗan wajen koyo, kuma sun fi saurin warware tambayoyi masu kama da na darasin da ƙarancin kuskure, idan aka kwatanta su da waɗanda aka bar su da tambayoyi zalla. Bayanin da Sweller ya bayar shi ne abin da hankalin mutum yake iya riƙewa a lokaci guda ɗan kaɗan ne. Sabon ɗalibi da aka ajiye wa 3x + 4 = 19 ba tare da jagora ba yakan ƙarar da wannan ɗan ƙarfin wajen lalube, ya gwada wannan ya gwada wancan. Ko da ya dace da amsa, ba lalle ne ya iya faɗin hanyar da ya bi ba. Misali warwararre yana ɗauke masa nauyin laluben, ya bar masa sararin lura da tsarin aikin.

Sai dai misali yana da ranar ƙarewar amfaninsa. Slava Kalyuga da abokan aikinsa sun nuna a 2003 cewa taimakon da ke amfanar sabon shiga yakan koma cikas ga wanda ya riga ya ƙware, domin yana tilasta masa bin bayanin da ba ya bukata. A nan ne tambaya ta taso: ta yaya za a tsallakar da ɗalibi daga nazarin misali zuwa aiki da kansa ba tare da an jefa shi ruwa tsundum ba? Amsar da Alexander Renkl da Robert Atkinson da abokan aikinsu suka bayar a 2002 ita ce a janye taimakon sannu a hankali, mataki ɗaya a kowane sabon misali.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo malam ne yake fara rubuta wa ƙaramin yaro allonsa, yana biya masa, sai daga baya yaron ya fara rubutawa da kansa malam yana dubawa, har ya kai matsayin da zai rubuta da ka. Amma akwai bambanci da ya kamata a kiyaye tun yanzu. Abin da ake nema a can shi ne yaro ya dawo da abin da aka ba shi ba ragi ba ƙari. Abin da ake nema a aljabara kuwa shi ne yaro ya fuskanci jumlar da bai taɓa gani ba ya yanke shawarar abin da zai fara yi. Yawancin sukan da ke tafe daga wannan bambanci suka samo tushe.

3.0 Yadda Jerin Misalan Yake

Domin sharhin ya tsaya a kan abu na zahiri, ga jeri mai misali huɗu kamar yadda malami zai iya tsara shi. An fara da labari, kuma kuɗin da aka ambata na misali ne kawai. Mutum uku sun shiga mota daga Azare zuwa garin Katagum da ke Ƙaramar Hukumar Zaki. Sun biya naira 400 kuɗin kaya, kuma abin da suka biya gaba ɗaya naira 1,900 ne. Nawa ne kuɗin motar mutum ɗaya? Idan aka ƙirga da ɗari-ɗari, aka kira kuɗin mutum ɗaya x, jumlar za ta zama 3x + 4 = 19.

Misali na farko, wanda aka warware duka:

3x + 4 = 19
Mataki na 1: a ɗebe 4 daga kowane ɓangare. 3x + 4 − 4 = 19 − 4, wato 3x = 15
Mataki na 2: a raba kowane ɓangare gida 3. 3x ÷ 3 = 15 ÷ 3, wato x = 5
Mataki na 3: a gwada amsa. 3 × 5 + 4 = 19

A misali na biyu, 5x + 2 = 32, malami zai rubuta mataki na 1 da na 2 har a kai ga x = 6, ya bar wa ɗalibi gwajin amsa. A misali na uku, 2x + 9 = 23, zai rubuta mataki na 1 kawai, wato 2x = 14, ɗalibi ya yi rabawa ya sami 7, ya kuma gwada. A misali na huɗu, 6x + 5 = 53, ba a rubuta komai ba, ɗalibi ne zai kai kansa ga x = 8. Wannan shi ake kira ragewa daga ƙarshe, kuma shi ne salon da aka fi yaɗawa.

Jerin yana da kyawawan halaye da ba za a musa ba. Ba a taɓa barin yaro da abu fiye da ɗaya sabo a lokaci guda ba. Tun daga misali na biyu hannunsa yana cikin aikin. Haka kuma labarin motar yana ba da dalilin jeranta matakan, domin duk yaron da aka taɓa aike ya san sai an ware kuɗin kaya kafin a raba saura tsakanin mutum uku. To, ina matsalar take?

4.0 Suka na Farko: An Fi Maimaita Matakin da Ya Fi Sauƙi

Idan aka ƙirga aikin da ɗalibi ya yi da hannunsa a cikin jerin, za a ga ya gwada amsa sau uku, ya yi rabawa sau biyu, amma mataki na farko sau ɗaya tak ya yi shi, a misali na ƙarshe. Alhali kuwa a mataki na farkon ne tunanin aljabara yake. Raba 14 gida 2 aikin firamare ne. Duban 2x + 9 = 23 a gane cewa 9 za a fara kawarwa, kuma ta hanyar ɗebewa, kuma daga ɓangarorin biyu, shi ne sabon abin da aka zo koya. Ragewa daga ƙarshe ta bar wannan shawara a hannun malami har sai da darasi ya kusa ƙarewa.

Binciken da Renkl da Atkinson da Cornelia Grosse suka wallafa a 2004 ya ƙarfafa wannan suka. Sun gano cewa ɗalibai sun fi koyon ƙa'idar matakin da aka cire aka ce su cike, ko da a wane wuri matakin yake cikin warwarar. Ma'anar wannan ga mai tsara manhaja a fili take. Gurbin da aka bari shi ne darasin. Saboda haka ba a zaɓen gurbi don kawai shi ne na ƙarshe a jeri. Ana zaɓen sa ne don shi ne wurin da yara suka fi tuntuɓe.

Gyaran ba shi da wahala. Bayan misali na biyu, sai a saka wani misali mai gurbi a farko, a bar ƙarshensa a rubuce:

4x − 7 = 21
…………………………
4x = 28
x = 7

A nan an ba yaro amsa, don haka neman amsa ba zai ɗauke masa hankali ba. Tambayar da ke gabansa ita ce: me aka yi wa jumlar har 21 ya koma 28, kuma don me? Dole ya lura cewa wannan karon tarawa aka yi, domin 7 ɗin ɗebe shi aka yi tun farko.

5.0 Suka na Biyu: Cike Gurbi Ba Shaidar Fahimta Ba Ne

Misalai huɗu na jerin farko duk kamarsu ɗaya: lamba, harafi, alamar tarawa, lamba, alamar daidaito, lamba. Yaro mai wayo zai iya ƙirƙiro wa kansa ƙa'ida, ya ce a ɗebe ƙaramar lamba daga babba, a raba da lambar da ke jikin harafi. Wannan ƙa'ida za ta ba shi amsa daidai a dukkan misalan huɗu, malami ya ba shi maki cikakke, alhali bai san abin da alamar = take nufi ba. Dabarar rage matakai ba ta da wata hanya a cikinta ta bambance wannan yaro da wanda ya gane. Hasali ma, yawan kamannin misalan shi yake koya masa wannan gajeriyar hanya.

Ana gane irin wannan ɗalibi ta hanyar tambayoyi uku, kuma kowace amsa marar kyau tana nuna cutar da ta haife ta. Ta farko ita ce 4x − 7 = 21 ba tare da wani taimako ba. Wanda ya rubuta 4x = 14 bai dubi alamar ba, ɗebewa kawai ya haddace. Ta biyu ita ce 19 = 4 + 3x, wadda ita ce misalin farko da aka juya. Wanda ya tsaya cak, ko ya ce an rubuta tambayar ba daidai ba, siffar jumlar ya riƙe. Ta uku, ga ajin da ya riga ya yi lambobin ƙasa da sifiri, ita ce 2x + 9 = 3. Mai ɗebe ƙarama daga babba zai ce 9 − 3 = 6, ya sami x = 3. Da zai gwada, zai ga 2 × 3 + 9 = 15 ne, ba 3 ba. Amsar gaskiya ita ce −3.

Akwai wata ƙa'idar da ta fi wannan yaɗuwa a azuzuwanmu, kuma daga bakin malamai take fitowa, wato a ce lamba idan ta tsallaka alamar daidaito sai ta sauya alama. Ƙa'idar tana aiki wajen tarawa da ɗebewa, amma ba ta faɗa wa yaro iyakarta ba. Shi ya sa idan ya iso 3x = 15 yakan tsallakar da 3 ya rubuta x = 15 − 3, ya sami 12, ko kuma ya raba 15 da −3 ya sami −5. Idan misalin farko na jerin da wannan harshe aka warware shi, to rage matakai zai ƙara kafa kuskuren ne kawai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yadda aka tanƙwara shi haka zai bushe. Wajibi ne misalin farko ya nuna aikin a ɓangarori biyu a rubuce, kamar 3x + 4 − 4 = 19 − 4, kuma kada a gajarta wannan layi sai yara sun iya faɗin dalilinsa.

Daga nan ne shawara mafi muhimmanci ta wannan maƙala ta fito. A raba allo gida biyu, hagu na aiki, dama na dalili, kuma a riƙa rage su daban-daban. Wani lokaci a rubuta aikin a bar dalilin, wani lokaci a rubuta dalilin a bar aikin. Michelene Chi da abokan aikinta sun nuna tun 1989 cewa ɗaliban da suka fi amfana da misalai su ne masu yi wa kansu bayanin kowane mataki, kuma Atkinson da Renkl da Mary Merrill sun gano a 2003 cewa haɗa rage matakai da tambayar ɗalibi ƙa'idar da ke ƙarƙashin mataki yana taimakawa har a tambayoyin da suka saɓa da na darasi. Bugu da ƙari, yana da kyau a saka misali guda mai kuskure a jerin, kamar wanda ya tashi daga 3x = 15 zuwa x = 12, a ce yara su nemo inda aka kauce su kuma faɗi abin da ya sa. Julie Booth da abokan aikinta sun nuna amfanin irin wannan a darasin aljabara a 2013.

6.0 Suka na Uku: Harshen da Ake Faɗin Dalili da Shi

Da zarar an yarda cewa dalili yana cikin abin da za a rage, to maganar harshe ta shigo. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a 2022 da koyarwa cikin harshen uwa a shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan tsari. Ko ma dai wane tsari ake bi a takarda, malamin lissafi a Azare ko Madara ko Chinade yakan koma Hausa idan ya ga fuskokin yara sun nuna ba su gane ba. Yaron da aka ce ya faɗi dalili da Ingilishin da bai mallaka ba yakan maimaita jumlar malami ne kawai, sai a koma gidan jiya, wato hadda. Saboda haka Hausar da ake bayani da ita tana bukatar a tsara ta kamar yadda ake tsara lambobin. Akwai wurare uku da ya kamata a kula da su.

Na farko shi ne karatun alamar =. A firamare an saba cewa uku a tara da huɗu ya zama bakwai, ko ya ba da bakwai. Aikatau irin su “zama” da “ba da” suna nuna tafiya ce daga hagu zuwa dama, aiki a nan, sakamako a can. Carolyn Kieran ta bayyana tun 1981 cewa yara da yawa suna ɗaukar alamar a matsayin umurnin a kawo amsa. Mai wannan fahimta ba zai ga dalilin ɗebe 4 daga ɓangarori biyu ba. Ana gano shi da tambaya guda, 8 + 4 = □ + 5. Wanda ya sa 12 ko 17 a gurbin bai shirya wa jerin misalan ba tukuna, wanda ya sa 7 ya shirya. Karatun da ya dace shi ne “daidai yake da”, domin ana iya karanta shi daga kowane ɓangare, kamar sikelin mai nama da ya tsaya cif.

Na biyu shi ne karatun 3x. A Hausa adadi yana bin suna ne, a ce awaki uku, mudu biyar. Don haka bakin yaro zai fi saurin cewa “x uku”, hannunsa kuma ya rubuta x3, wanda daga baya zai rikice masa da x³. Haka kuma “x uku” yana sa a ɗauki harafin kamar wani abu ne da ake ƙirgawa, alhali adadi ne. Ya fi kyau a riƙa cewa “x sau uku”, domin kalmar “sau” tana fito da ninkawar da ke ɓoye, kuma yaron da ya ji ninkawa zai nemi rabawa don ya warware ta, ba ɗebewa ba.

Na uku shi ne jerin kalmomi wajen ɗebewa. Idan aka ce a ɗebe 4 daga 19, kunne yana fara jin 4, amma hannu da 19 zai fara. Yaran da ke rubuta abin da suka ji bi da bi sukan rubuta 4 − 19. A layin dalili ana iya barin “a ɗebe 4 daga kowane ɓangare”, amma wajen karanta layin aiki sai a ce “19 a ɗebe 4”, don baki da alli su tafi tare. A ƙasar Katagum, inda ake jin Guddiranci, kuma wasu yaran da Fulatanci ko Barbarci suka tashi a gida, tsayar da kalma ɗaya ga kowane aiki daga aji zuwa aji ya fi muhimmanci a kan neman kalma mai armashi.

7.0 Suka na Huɗu: Allo Ɗaya, Yara da Yawa

An gudanar da gwaje-gwajen da aka ambata ne a yanayin da kowane ɗalibi yake da takardarsa ko na'urarsa. A ajin da babu sai allo, gurbin da malami ya bari na kowa ne, kuma abin da aka saba shi ne yara biyu ko uku na gaba su faɗi amsa, malami ya rubuta, saura su kwafe. Idan haka ta faru, ga mafi yawan ajin babu abin da aka rage. Sun kwafi misalai huɗu cikakku ne kawai. Alamar wannan ita ce littattafan yara su kasance tsaf babu gogewa babu kuskure, amma a gaza tambaya ta farko a gwajin mako.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a hana amsa da baki kafin rubutu. Malami ya bar gurbi, ya ba da minti ɗaya ko biyu na shiru, kowa ya rubuta abin da yake ganin ya dace, sannan a ɗaga littattafai ko ya zaga layi biyu ya duba, kafin a cike allon. Kwafar misalin farko kuwa a bar ta sai bayan an gama tattauna shi, domin mai kwafa ba ya sauraro.

Sauran matsalar ita ce saurin ragewa. Idan aka yi sauri an bar na baya, idan aka yi jinkiri an gundure na gaba, kuma an riga an ga cewa taimakon da ya wuce lokacinsa cikas ne. Kalyuga da Sweller sun gabatar a 2004 da wani gajeren gwaji da ya dace da ajinmu: a nuna wa ɗalibi jumla na ɗan lokaci, a ce ya rubuta matakin farko kawai da zai ɗauka. Idan aka rubuta 5x − 3 = 27, wanda ya rubuta 5x = 30 ko x = 6 nan take ya wuce bukatar misali, sai a ba shi tambayoyi zalla. Wanda ya rubuta 5x − 3 + 3 = 27 + 3 yana kan hanya, gurbi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Wanda ya rubuta 5x = 24, ko bai rubuta komai ba, a mayar da shi ga cikakken misali. Cikin minti biyar malami ya raba ajinsa kashi uku ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

8.0 Iyakar Jeri Ɗaya

Kuskure ne a ɗauka cewa wanda ya gama jerin farko ya gama da misalai. Eugenio Filloy da Teresa Rojano sun nuna a 1989 cewa akwai wani rami tsakanin jumla irin 3x + 4 = 19 da wadda harafi ya fito a ɓangarorinta biyu, kamar 7x + 3 = 4x + 18. Ta farko ana iya warware ta da lissafin kasuwa, a bi aikin da baya. Ta biyu ba ta da wata lamba guda da za a faro daga gare ta, dole sai an yi aiki a kan ɓoyayyen adadin kansa: a ɗebe 4x daga kowane ɓangare a sami 3x + 3 = 18, sannan 3x = 15, sannan x = 5, a gwada a ga kowane ɓangare ya ba da 38. A nan sabon jeri ake farawa da cikakken misali, kuma gurbin farko da za a bari shi ne na ɗebe 4x, tun da sauran matakan yara sun riga sun mallake su. Haka za a sake yi idan baka ta shigo, da kuma idan ɓangaren lamba ya shigo. Shi ma kwatancen sikeli yana da iyaka, domin ba a ɗora nauyin da ya gaza sifiri a kan sikeli, don haka idan an iso irin 2x + 9 = 3 sai a jingina da ƙa'idar yi wa ɓangarori biyu abu ɗaya.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana ba masu rubuta jagoran malami shawarar su shigar da dabarar tare da sharuɗɗanta. A fara da gwajin alamar daidaito kafin jerin. A rubuta aiki da dalili gefe da gefe, a rage su daban-daban. A bar gurbi a inda wahala take, a kuma sauya siffar jumla tun daga misali na uku. A tsayar da Hausar da za a karanta alamomi da ita, a rubuta ta a jagoran. A sa kowane yaro ya rubuta kafin wani ya faɗa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wadda ke horar da malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa, wuri ne da ya dace sashen Lissafi da sashen Hausa su zauna tare su tsara irin wannan jeri, ɗalibai masu aikin gwajin koyarwa su jarraba shi a makarantun yankin. Ma'aunin da za a yi hukunci da shi kuwa kada ya zama yawan gurbin da yara suka cike daidai a ranar darasi. A jira mako biyu, a rubuta musu 19 = 4 + 3x da 4x − 7 = 21 a allo babu wani taimako, a ƙirga waɗanda suka san abin da za su fara yi, suka kuma iya faɗin dalili da bakinsu.